Yadda Ake Binciken Jadawalin Albashi Gaba Ɗayansa Maimakon Tsintar Samfur

A ce ma'aikata tana biyan mutum 6,000 albashi, kuma 12 daga ciki na bogi ne. Idan odita ya tsinci sunaye 60 ba tare da zaɓe ba, yiwuwar ya ƙare bai ci karo da ko ɗaya daga cikinsu ba ta kai kusan kashi 89 cikin 100. Shi ya sa yanzu ake loda jadawalin duka cikin kwamfuta a bi kowane layi. Sai dai kwamfuta abin da aka ba ta kawai take dubawa. Idan an cire layuka kafin fayil ya iso hannunka, za ta ce komai lafiya, kai kuma ka sa hannu a kan ƙarya.

Karɓi bayanan daga tushe. Kada ka amince da fayil ɗin da wani ya shirya ya turo maka. Zauna kusa da mai kula da manhajar albashi, ya fitar da shi a gabanka, ka rubuta watan da aka zaɓa da duk wani tacewa da aka sa. Ka adana kwafin asali wanda ba za a taɓa ba, ka yi aiki a kan wani.

Tabbatar cewa ya cika. Nan ne aikin yake, kuma nan ne aka fi yin gaggawa. Ƙa'idar aikin odita ta ƙasa da ƙasa, ISA 500, ta wajabta wa odita ya nemi hujjar cewa bayanan da ma'aikata ta samar daidai suke kuma cikakku ne kafin ya dogara da su. Ƙirga layukan fayil ka gwada da adadin da rahoton manhajar ya nuna. Sannan ka tara jimillar albashi kafin cire haraji da fansho, ka gwada da abin da aka shigar a leja. Ka tara abin da ya rage bayan cirewa, ka gwada da abin da ya fita daga banki.

A misalinmu, a ce fayil ya zo da layuka 5,960, jimillarsa bayan cirewa naira miliyan 912, alhali banki ya biya miliyan 918. Akwai mutum 40 da naira miliyan 6 da ba sa gabanka. Wataƙila jadawalin ƙari ne na sababbin ma'aikata da aka biya daban, wataƙila kuma wani ne ya share su. Kada ka wuce wannan mataki sai an kawo layukan nan, domin a ganina irin wannan jadawalin gefe shi ne ya fi sauƙin cusa suna.

Duba siffar bayanan. Lambar asusu ta NUBAN alƙaluma 10 ce, BVN kuma 11. Idan aka buɗe fayil ɗin CSV kai tsaye, Excel yana cinye sifilin farko, sai lamba ta koma alƙaluma 9. Shigo da wannan ginshiƙi a matsayin `Text`, ka auna tsawonsa. Idan lambar asusu tana ginshiƙin D:

```
=LEN(D2)
```

Duk wanda bai ba da 10 ba, ka ware shi. Haka ma gurabun da aka bari babu komai.

Sai gwajin kansa. Nemo asusun da ya karɓi albashi fiye da sau ɗaya. Idan lambar banki tana ginshiƙin C, lambar asusu tana D:

```
=COUNTIFS(C:C,C2,D:D,D2)
```

Dole ka haɗa su biyun, saboda lamba ɗaya tana iya kasancewa a bankuna biyu daban. Duk inda sakamako ya wuce 1, ka fitar. Maimaita da BVN ita kaɗai, ba tare da lambar banki ba, wadda ita ke tona mutum ɗaya mai asusu a bankuna daban-daban. Bayan haka ka gwada jadawalin da sunayen waɗanda suka yi ritaya, suka rasu ko suka bar aiki.

Bi abin da ya fito. Layin da gwaji ya kama ba hukunci ba ne. A ce 70 suka fito. Za ka iya tarar da 50 bashin ƙarin girma ne da aka biya a layi na biyu, wasu takwas kuma suna karɓa ta asusun ƙungiyar adashi. Kowane rukuni ka nemi takardarsa, kada ka tsaya ga bayanin baki. Sauran 12 su ne za ka je sashen ma'aikata ka buɗe fayilolinsu, ka duba takardar ɗaukar aiki da rajistar zuwa aiki.

Gwajin nan ba ya kama ɗan bogin da ke da asusunsa da BVN ɗinsa shi kaɗai. Wannan sai an kira tantancewa, mutum ya zo da ƙafarsa riƙe da katin shaidarsa.