Kurakuran jera emoji a bayanin kai da rubutun ƙasan hoto na Instagram

Kuskuren da na fi gani shi ne a sa emoji a farkon layi mai tsawo. Emoji harafi ne kamar sauran haruffa, ba ya tura rubutu ciki kamar ɗigon jeri na Word. Idan layin ya fi faɗin allon waya, ragowarsa za ta gangaro ta zauna daidai ƙarƙashin emojin, mai karatu ya kasa gane inda batu ya ƙare da inda wani ya soma. Ga misalin bayanin wani mai ɗaukar hoto:

📸✨ Ina ɗaukar hotunan mutane da na taruka da na kayan sayarwa cikin ƙwarewa 🔥🔥

Wannan layi ɗaya ya cinye kusan rabin haruffa 150 da Instagram ke bayarwa, kuma zai karye a waya. Gyaransa shi ne a raba shi, kowane layi kalma uku ko huɗu, emoji ɗaya a gaba, a bar fili ɗaya tsakaninsa da rubutu:

📸 Hotunan mutane da taruka
📍 Garin da nake
📩 Turo saƙo don aiki

Ka lura kowanne yana da aikinsa. Kyamara ta nuna sana'a, ƙusar taswira ta nuna wuri. Idan ba ka da emojin da ya dace da layin, kada ka cusa wuta ko zuciya, ka maimaita alama ɗaya mai sauƙi kamar ▪️ daga sama har ƙasa. A guji ✅ da ❌ sai in da gaske ana nufin "yi" da "kar a yi", domin haka ido ke karanta su.

Sai masu jera taurari goma sha biyar don raba sakin layi. A wayarka sun cika layi cif, a ƙaramar waya biyu za su faɗo ƙasa su tsaya su kaɗai. Abin da ya fi damuna a nan shi ne makafi. TalkBack na Android da VoiceOver na iPhone, masu karanta wa makafi abin da ke kan allo, suna furta sunan emoji, don haka wanda ba ya gani zai sha jin sunan tauraro kafin ya kai ga maganarka. Layi ɗaya babu komai yana raba rubutu tsaf. In dole ne sai an yi ado, uku sun wadatar.

Kada ka buɗe rubutun ƙasan hoto da jerin ado, domin farkonsa kawai ake gani kafin a danna "more". Sannan sabon emoji yakan fito kamar akwati wayam a tsohuwar waya, tutocin ƙasashe kuma a Windows haruffa biyu suke komawa. Kafin ka wallafa, ka ari wayar wani ka duba, musamman wadda ba irin taka ba.