Kafin ka zargi mai sito, duba ma'auni

Jama'a, idan lissafin kwamfuta ya ƙi daidai da ƙirgen sito, fara duba ma'aunin da aka shigar da kayan, katan ne ko ɗaiɗai.

A sitonmu nan Jos, kwamfuta ta ce sabulu 480, muka ƙirga 400. Har an fara yi wa yaron sito kallon ɓarawo, abin ya dame ni ƙwarai.

Na raba giɓin 80 da katan 10 da suka shigo, ya ba ni 8. Ashe katan ɗin mai 40 ne, kwamfuta kuwa tana lissafa 48 na tsohon kaya.

In giɓin ya rabu cif da yawan katan, mai yiwuwa matsalar ma'auni ce. In bai rabu ba, wannan dabara ba za ta yi maka ba, sai ka bi takardun fitar da kaya da ba a shigar ba tukuna.