Yadda Na Amsa Saƙon Yayana Cikin Sanyin Rai

Da dare yayana ya turo saƙo: "Kullum kai ke ɓata lissafin kuɗin gida!" Nan take jinina ya tafasa.

Na amayar da duk abin da ke raina a takarda, ba a waya ba, don kada yatsa ya riga hankali. Na kifa wayar. Bayan minti 30 na karanta, har yanzu ƙirjina na bugawa, sai na bari har safiya.

Da safe na soke "kullum", na soke "kai ma", na cire tsohon zancen bara. Nan ne na fi shan wuya, domin a ganina ina da gaskiya. Na karanta a bayyane, inda muryata ta ɗaga na sake gyarawa.

Abin da na tura: "Yaya, na ga ranka ya ɓaci. Wane wata ne lissafin bai daidaita ba? Mu duba tare."

Ya kira ni da yamma, muka duba.