Kurakuran da ake yi wajen gyaran hoton etiket, daga labarin Hajiya mai yaji da ƴar ƙanenta

Duk wanda ya sauke Snapseed ko PixelLab a portabul yana ganin ba hoton da zai gagare shi, sai ya zo wurin bugawa sannan ido ya raina fata. Na gaji da maimaita magana ɗaya ga yaran da ke kawo mani aiki, shi ya sa zan ba ku labarin wata Hajiya mai sayar da yaji da tigadege a kasuwar Dole, don kusan duk kurakuran da nake gani suna cikinsa.

Etiket ɗin da take liƙa wa kwalaben yajinta sun kusa ƙarewa, wanda ya tsara mata su tun farko ya bar Damagaram, fishiyen ma ba wanda ya san inda yake. Abin da ya rage hoton kwalba ɗaya ne da ta taɓa sawa a sitatu. Sai ƴar ƙanenta, yarinya ƴar lise mai kaifin kai, ta ce "Gwaggo ki bar mani, ni zan gyara shi a sake bugawa." Ta zauna ta koyi abin da kanta kuma wallahi ta yi ƙoƙari, amma tun daga tushe aka samu matsala.

Kuskure na farko, wanda ya fi ci mani rai, shi ne aiki da hoton da ya sha yawo a WhatsApp. Idan ka tura hoto ta hanyar da aka saba WhatsApp na matse shi, tsawonsa ya dawo wajen fiksel 1600, wato ƴan ɗigon da ke haɗuwa su zama hoto, ita kuwa yarinyar ba ma wannan ta samu ba, kaptir ta yi daga sitatun wata ƙawar Gwaggo, sannan ta yanko wurin etiket ɗin kaɗai, abin da ya rage bai kai fiksel 400 a faɗi ba. Ga lissafin da nake so kowa ya riƙe: bugu mai kyau yana son ɗigo 300 a kowane inci, inci kuwa santimita 2,54 ne, to etiket mai santimita 10 da 6 na bukatar kusan fiksel 1181 da 709. Ka ga 400 kashi ɗaya cikin uku ne kawai. A fuskar portabul ba za ka gane ba don ƙarama ce, komai tsaf, a takarda ne za ka ga bakin haruffa ya yi dishi-dishi. Kuma ku daina jan Structure ko Netteté har ƙarshe kuna cewa an ƙara masa kyau, ba abin da yake ƙarawa sai farin zobe kewayen rubutu, abin da babu shi a hoton babu shi.

Wannan abu ya taɓa ci mani kuɗi sosai, wani mai kaya ya turo mani irin wannan hoto yana gaggawa, aka buga ɗaruruwa, 8 ɗin da ke cikin lambar wayarsa ta fito kamar 3, masu saye suna ta kiran wani bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba, ni na sake bugawa daga aljihuna, takarda da tawada duka. Tun daga nan ba na karɓar hoto sai an turo shi ta Document, ko a zo da portabul ɗin da ya ɗauka in cire da kaina. Kafin in taɓa komai sai na buɗe bayanin hoton na ga girmansa, sannan in zuƙo lambar waya har ta cika fuska, in ban iya karanta lambobi takwas ɗin nan ɗaya bayan ɗaya ba to a sake ɗauka, ko wane ne ya kawo.

Da yarinyar ta kawo mani aikinta na faɗa mata haka, ta koma ta ɗauki sabon hoto, nan ta faɗa na biyu. Da dare ta ɗauka a cikin ɗaki da filas, takardar etiket kuwa mai sheƙi ce, haske ya daki tsakiya ya yi fari fat daidai kan sunan kaya da rabin lambar. Ta rage haske, wurin ya koma toka-toka amma rubutu bai dawo ba, kuma ba zai dawo ba, don wurin da ya ƙone fari kyamara ba ta ajiye komai a cikinsa ba. Sai ta ɗauko abin share tabo ta goga a kai. Haba jama'a! Wannan abu kwaso launin gefe yake yi ya liƙa a wurin, an yi shi don ɗigon ƙura ko tabon mai a inda babu rubutu, in ka goga shi kan haruffa sai ya kwaso rabin wani harafi ya dasa a wani wuri, "yaji" ya koma abin da ko mai shi ba za ta iya karantawa ba. Kuna yin wannan kullum, kuma kuna kawo mani kuna cewa injin ne bai da kyau.

Abin da na sa ta yi ba wuya. Hajiya ta laluba cikin jakarta ta samo etiket ɗaya da ba a liƙa ba, don wanda ke jikin kwalba ya lanƙwashe, haruffan gefe sun matse, Perspective kuma karkata yake gyarawa ba zagaye ba. Aka shimfiɗa shi a kan farar takarda da safe a inuwar zaure kusa da ƙofa, aka kashe filas, ta goge idon kyamara da bakin mayafinta saboda ƙurar hunturu, ta riƙe portabul daidai saman takardar ba karkace ba. Farar takardar nan ita ta taɓa da Balance des blancs launi ya daidaita. Kar ku ɗauka ƙarƙashin rumfar kasuwa mai shuɗin tamfal, komai shuɗi zai fito har jan barkono.

Rubutun kuma na hana ta gyara shi kwata-kwata. Zanen barkono da tambarin Hajiya kawai ta yanko daga hoton, suna da lambar waya da abin da ke ciki duk ta sake rubuta su sabo a PixelLab, a fili mai girman da muka lissafa tun farko. Ni haka nake yi ko da rubutun hoton ya fito da kyau, wasu na cewa ɓata lokaci ne, su suka sani.

Sauran ƙananan: in za ka ƙara girman zane ja daga kusurwa, in ka ja daga gefe kwalba ta koma gajera mai tumbi. Saturation kaɗan ya isa, mai saye zai ga yajin da idonsa ya ce ba shi ba ne. Duba ko salon rubutun da ka zaɓa yana da ƙ da ɗ da ɓ, da yawa akwati suke fitarwa a madadinsu. Bar milimita 3 na launi a kowane gefe saboda yanka, rubutu kuma ya nisanci baki. Kar ka riƙa ajiye JPG kan JPG, ajiye na asali daban, na ƙarshe ka fitar da PNG.

Guda ɗaya muka fara bugawa, don jan da ke fuskar portabul kullum ya fi na takarda haske. Yarinyar ta yanke shi ta liƙa a kwalba ta kai kasuwa, Hajiya ta juya shi ta ce jan ya yi duhu kaɗan, sannan ta ba makwabciyarta mai sayar da kuka ta ce ta karanta lambar ta kira. Portabul ɗin Hajiya ya yi ƙara, aka ɗan buɗe jan, washegari aka buga sauran. Fishiyen yanzu yana wurin yarinyar da wurina, ta kuma tura wa Gwaggonta kwafi ta Document.