Kurakuran il, la, a da in a rubutun Italiyancin ɗalibi Bahaushe

Wani ƙanena da ke karatu a Perugia ya turo min ɗan saƙon da zai aika wa sakatariyar sashensu, wai in duba masa. Layi uku ne kacal amma kusan duk kuskuren da mu Hausawa muka saba yi a Italiyanci yana ciki. Ga abin da ya rubuta:

Vengo da Nigeria e abito a Italia per due anni. Ho una problema con il esame di storia. Domani vado a professore.

Nahawun aikatau ɗinsa lafiya lau, ƙananan kalmomin ne suka ba shi kunya. Bari mu fara da a Italia, don wannan Hausa ce tsantsa ta sa rigar Italiyanci. Mu a guda ɗaya muke da ita, a Kano, a Nijeriya, a kasuwa, to da ka ga su ma suna da a sai ka ɗauka 'yar gida ce. Su kuwa sun raba aikin, gari yana ɗaukar a, ƙasa ko yanki yana ɗaukar in. A Roma, a Kano, a Zinder, amma in Italia, in Nigeria, in Umbria. Kuma ko zama kake ko tafiya duk ɗaya ne, vado a Roma, vado in Italia. Nan ma a kula, mu muna cewa na tafi Kano ba komai a tsakani, a Italiyanci vado Roma ba magana ba ce.

Sai da, wadda ta fi kowacce wahalar da mu saboda kunnenmu yana jin ta kamar da ɗinmu ta ni da kai. Ba ita ba ce, waccan con ce ko e. Da ɗinsu ta fi kusa da daga, kuma tana yin aikin wurin, tana yin aikin tun. A saƙon ƙanena sau uku ake buƙatarta, sau ɗaya ya sa ta, shi ma bai cika ba. Ka ce vengo da Kano daidai ne, amma sunan ƙasa yana zuwa da la ko il nasa, da da la kuma haɗewa suke su zama dalla, don haka vengo dalla Nigeria, ɗan Nijar kuma vengo dal Niger. Zuwa wurin mutum ma da ce, vado dal professore, vado dal medico, ba a ba. Sannan abin da ka fara a baya har yanzu kana kai, da ake sawa, abito in Italia da due anni. In ka sa per sai ka ce ho abitato per due anni, ma'ana ka zauna shekara 2 ka tashi.

Una problema kuwa wallahi ni ma na daɗe ina faɗa. Matsala mace ce a Hausa, ga kalmar ta ƙare da a, yawancin masu a a Italiyancin ma mata ne, to me zai hana? Amma kalmomin nan masu ƙarewa da ma da suka samo asali daga Girkanci maza ne, il problema, il sistema, il tema, il programma, kuma su ne suka cika rubutun jami'a. Bai kamata ma ya ba mu mamaki ba, gida da ruwa da suna duk da a suka ƙare amma gidan muke cewa ba gidar ba. Maganinsa kar ka haddace kalma tsirara, ka rubuta ta da il ko la ɗinta tun ranar farko.

Il esame ba jinsi ne ya ɓace masa ba, esame namiji ne, sautin farko ne bai duba ba. In wasali ya fara kalma sai l', wato l'esame. In s ce da wani baƙi a bayanta, ko z, ko ps, ko gn, sai lo da uno, lo studente, uno zaino, jam'insu gli studenti, gli esami. Il studente shi ne kuskuren da ɗalibi ke yi wa sunan kansa.

Ga yadda saƙon ya koma:

Vengo dalla Nigeria e abito in Italia da due anni. Ho un problema con l'esame di storia. Domani vado dal professore.

Akwai ɗaya da ya ɗan fito a nan amma na fi ganinsa a sauran rubutunsa, mantawa da il ko la gaba ɗaya. Mu n da r ɗinmu a wutsiyar kalma suke, kuma galibi sai an riga an san abin muke maƙala su, motar da na saya. Shi ya sa rayuwa da wuya take fito masa vita è difficile, alhali la vita è difficile ce. Haka littafina, il mio libro ne. Sai dai dangi guda ɗaya ba a sa musu, mio padre, mia sorella, da sun zama jam'i kuma ya dawo, i miei fratelli.

Na ce masa kafin ya aika komai ya karanta sau ɗaya yana duba sunaye kaɗai, kowanne ya ga me ke kafinsa, sannan ya sake bi yana tsayawa kan kowace a ya tambayi kansa, gari ne, ƙasa ce, ko mutum.