Kurakuran da aka fi yi wajen gane bugun littafin makaranta daga hoton bangonsa

Malami ya turo hoton bangon littafi ya ce shi za a saya, uba ya nuna wa mai shago, aka ɗauko mai kama da shi. Sai an shiga aji, malam ya ce a buɗe shafi kaza, yaro ya buɗe ya tarar da wani darasi dabam. Kama da wane ba wane ba ne. Maɗaba'u kan bar zanen bango yadda yake daga wannan bugu zuwa wancan, su sauya launi kaɗan ko su ƙara ɗan rubutu a kusurwa, wanda hoto mai dishi-dishi ba ya nunawa. Littafin ɗalibi da jagoran malami da littafin atisaye ma sukan zo da bango kusan iri ɗaya.

Gyaran wannan shi ne a roƙi hotuna uku. Baya ga bangon gaba, a ɗauko na baya inda lambar ISBN take, wato lambar shaidar littafi, sannan shafin haƙƙin mallaka, wanda yawanci yake bayan shafin da ke ɗauke da sunan littafin. Lambar ita ce ta fi komai raba gardama, domin duk bugun da aka yi wa gyara mai yawa ana ba shi tasa. Tun 2007 lambobi 13 ne, masu farawa da 978 ko 979. Idan guda 10 kaɗai ka gani, to littafin ya girmi wannan shekarar. Rubuta lambar a wurin bincike na shafin maɗaba'ar, za ka ga ko bugu na nawa ne, da kuma ko wani ya fito bayansa. Sai dai a lura, mai bango mai kauri da mai laushi lambobinsu sun bambanta ko da cikinsu ɗaya ne, don haka bambancin lamba kaɗai bai isa a mayar da littafi ba.

Kuskuren da ya fi ba ni tausayi shi ne na shekara, don masu yin sa sun yi ƙoƙarin dubawa. A ce littafin ilimin halittu ne. A shafin haƙƙin mallaka an rubuta bugu na uku, 2014, a ƙasa kuma an jero shekarun da aka maimaita buga shi, ta ƙarshe 2021. Uwa ta ga 2021 ta ce sabo ne. Alhali takardar ce kawai sabuwa, karatun da ke ciki na 2014 ne, domin maimaita bugu ba ya sauya darasi, kuma lambar ISBN ma ba ta sauyawa. Shekarar da ke kusa da alamar © ita ke nuna lokacin da aka tsara abin da ke ciki. Wasu littattafan sukan sa layin lambobi kamar 10 9 8 7 6. Mafi ƙanƙantar lambar tana faɗin karo na nawa ne aka buga wannan bugun, a nan karo na shida ke nan, ba bugu na shida ba.

To a ce hukumar jarrabawa ta sauya manhaja, aka fara jarrabawa da sabuwar a 2023. Wannan littafin ya zama tsohon yayi, komai ƙyallinsa. Amma kada a yi gaggawar cewa mafi sabo shi ne daidai. Abin tambaya shi ne shekarar da ɗalibin zai zauna jarrabawa. Maɗaba'u kan fitar da littafin sabuwar manhaja tun kafin a gama da tsohuwa, don haka wanda zai rubuta a 2022 bugu na uku ne nasa, ƙanensa kuma na huɗu. A sauko da manhajar daga shafin hukumar, a duba shekarun da take aiki da lambar darasin idan tana da ita, a gwada da abin da aka rubuta a bango ko a gabatarwa.

Rubutun "ya dace da sabuwar manhaja" a bango kuwa ba hujja ba ne, tunda bai faɗi sabuwa a wace shekara ba, kuma masu bugun sata kan liƙa sabon bango a kan tsohon ciki har da kwafar lambar. Ajiye manhajar gefe ɗaya, shafin abubuwan da ke ciki gefe ɗaya. Nemi batu biyu ko uku da aka ƙara a sabuwar manhajar, ka buɗe babin ka gani da idonka. Ka kuma gwada yawan shafuka da wanda maɗaba'ar ta bayyana, ko ka tambayi malamin sunan babi na biyar da shafin da ya fara a nasa kwafin. Idan sun yi daidai, sai ka biya.