Darasi na 9: Maiƙon Kai da Wanke Gashi

Wata ɗalibar ajinmu na manya a wani ƙauye kusa da Ringim ta ce wa malamarsu: "Malama, da safe na wanke kaina tas, amma kafin la'asar ɗankwalina ya yi naso, kan yana ƙaiƙayi. Kishiyata ta ce yawan wankewa ne ke jawo maiƙon. Haka ne?"

A gindin kowane silin gashi, cikin fata, akwai wata 'yar jaka da ido ba ya gani. Aikinta haɗa maiƙo, dare da rana. Maiƙon yana biyo ramin da gashi ya tsiro, ya fito saman fata, ya hana ta bushewa. Fatar kai da ta fuska sun fi sauran jiki yawan waɗannan jakunkuna. Sinadaran jiki, waɗanda ke kawo balaga, su ne ke ƙayyade yawan maiƙon. Shi ya sa kan yaro ɗan shekara 6 ba ya cika yin maiƙo, na saurayi da budurwa kuwa yana yi sosai, sannan ya ragu idan girma ya zo, musamman ga mace bayan al'ada ta ɗauke.

Sabulu yana ɗauke maiƙon da ke saman fata ne kawai, ba ya kaiwa ga jakar. Kamar rijiya ce: ka kwashe ruwan da safe, idon rijiya yana nan yana tsattsafowa, zuwa yamma ta sake tarawa. Kwasar ba ta ƙara wa idon ƙarfi ba, barinta kuma ba zai toshe shi ba. Saboda haka maganar kishiya ba ta tsaya ba. Wankewa ba ta sa jakar ta ƙara aiki, ƙin wankewa kuma ba ya sa ta daina. Wanda ya bar kansa wata guda don wai ya "saba", dauɗa kawai ya tara.

Malama ta tambayi ɗalibar yadda take yi, ta ce da sabulun wanki take wankewa, da ruwan rijiyarsu mai zartsi. Idan ta gama sai ta ji kan ya yi ƙamas, ta lakato basilin ta bi kowace tsagar kitso da shi, ta ɗaura ɗankwalin jiya, ta ɗora hijabi, ta shiga surfe da girki. A nan matsalar take. Sabulun wanki yana da kaifi, shi ya busar da fatar. Ruwan zartsi kuma ba ya barin sabulu ya ɗauraye, sai ya bar wani danƙo a gashi. Basilin ya hau kan wannan. Da rana ta take, zafi ya narkar da man da maiƙon jiki, gumi ya baza su, ɗankwali ya hana iska shiga. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, abin ya fi tsanani. Maza ma haka ne: a duba bakin hular da ta yi sati ba a wanke ba.

Gashinmu mai lanƙwasa ne, maiƙo ba ya saurin gangarowa daga gindi zuwa baki. Sai ka ga fatar kai tana ƙyalli amma bakin gashi a bushe yana karyewa. Ke nan mai a jikin gashi da bakinsa ake buƙatarsa, ba a fata ba.

Malama ta ce mata: "Yaya, ki gwada haka na sati 2. Ki wanke da shamfu ko sabulun wanka mai laushi sau ɗaya a sati, ko sau biyu idan zafi ya yi yawa. Ki cuɗa fatar da tsokar yatsu, ban da farce. Ki ɗauraye har sai ruwa ya fito garau, ki bar kan ya bushe kafin ki rufe. Man kaɗe kamar ƙwayar gyaɗa ya isa, ki murza a tafi ki shafa a jikin kitso. Ɗankwali kuma a riƙa canzawa." Ranar da maiƙo ya dame ta alhali ba ranar wanki ba ce, tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi ya isa a goge tsaga.

Idan ana son sanin daga ina maiƙon yake, a wanke kai a ƙi shafa komai, da la'asar a danna farar takarda a tsaga. In ta yi tabo sosai, na jiki ne. In tabon kaɗan ne, yawancin abin da ake gani a da man shafawa ne.

Wani lokaci maiƙo yana zuwa da amosani mai kauri, ruwan ɗorawa, da ƙaiƙayi. Abin da ke jawo shi wata ƙwayar cuta ce dangin naman gwari da ke cin maiƙon fata, kuma labta mai yana iya ƙara shi. Akwai shamfu mai maganin ketokonazol a kemis: a shafa, a bar shi minti 3 zuwa 5, a ɗauraye, sau 2 a sati har sati 4. Amma idan gashi yana zubewa wuri-wuri kamar kwabo, musamman ga yara, wannan yana iya zama makero. Shamfu kaɗai ba ya kashe shi, sai an je asibiti an karɓi maganin sha.